Amosanin kai ne, ko wata cutar fata ce daban?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Sumaila. Shekara biyu ke nan kaina yana zubar da farin abu kamar dusa, ga ƙaiƙayi, ya fi tsanani da hunturu. Duk kitso sai na shafa man shanu, na kuma sayi shamfu a kyamis na yi sau biyu ban ga canji ba. Yanzu bayan kunnena da gefen hancina sun fara yin fari-fari. Wani ya ce amosani ne, wani ma'aikacin asibiti ya ce soriyasis ne. Ɗana mai shekara 7 shi ma kansa ya fara yin fari. Ni na shafa masa? Mene ne bambancinsu, kuma yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da lafiya.

Farin abin da ke zubowa a kan kallabi ba shi ke faɗin sunan cutar ba, domin cututtukan fatar kai da yawa duk ta haka suke bayyana. Abin da ke raba su shi ne fatar da ke ƙarƙashin ɓawon, da sauran wuraren jiki da abin ya taɓa. Saboda haka aikin farko dubawa ne, kuma ba za ki iya yin sa ke kaɗai ba. Ki tsefe kanki, ki bar shi kwana biyu ko uku ba wanki ba mai, sannan ki zauna a tsakar gida da hantsi, ki sa wata 'yar uwa mai ido ta riƙa tsaga gashin da kibiya layi-layi, daga goshi har ƙeya. Kada a yi wannan da dare da tocila, hasken rana ne ke nuna launin fata daidai.

Kafin in faɗi abin da za ta nema, bari in yi bayanin inda ɓawon yake fitowa, don idan kika gane wannan sauran zai zo da sauƙi. Fatar mutum kullum cikin sabunta kanta take. Sababbin ƙwayoyin fata suna tasowa daga ƙasa, su hau sama a hankali, su mutu, su kakkaɓe. A fata mai lafiya wannan tafiyar tana ɗaukar kusan wata guda, kuma abin da ke kakkaɓewa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin su. Idan wani abu ya fusata fatar, sai ta hanzarta, ƙwayoyin su iso sama ba su gama nuna ba, su manne da juna su zubo dunƙule-dunƙule. Wannan dunƙulen shi ne farin da kike gani. Tambayar da ta rage ita ce, me ya sa fatar take gaggawa.

A amosani, dalilin wata ƙwayar halitta ce dangin yis, ana ce mata malasiziya. Tana zaune a fatar kan kusan kowane baligi, mai amosani da marar shi, kuma abincinta maiƙo ne, domin ba ta iya haɗa nata da kanta. Idan ta ci maiƙon da fatar kai ke fitarwa sai ta bar wani saura, wanda fatar wasu mutane ba ta jure masa. Ga mutum biyu a ɗaki ɗaya, mataji ɗaya, ƙwayar tana kan kowannensu, amma ɗaya ne ke susa. Shi ya sa amosani ba alamar ƙazanta ba ne, kuma ba a ɗaukar sa daga wani.

Cutar da likitoci ke kira saboriyik damataitis, bari mu ce mata saboriya don sauƙi, ita da amosani uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ƙwayar ɗaya ce, maiƙon ɗaya ne, bambancin na tsanani ne. Idan abin ya tsaya a fatar kai, ɓarɓashin ƙanana ne farare ko ruwan toka, suna warwatse ko'ina a cikin gashi, suna zuba da an taɓa, kuma fatar ƙarƙashinsu launinta bai sauya ba, wannan amosani ne zalla. Idan fatar ta fusata har ta yi ɗan kumburi, ɓawon ya yi kauri kaɗan, ya yi ruwan ɗorawa, yana da maiƙo idan aka murza shi tsakanin yatsu, kuma abin ya sauko zuwa sauran wuraren da ke da maiƙo a jiki, to ya zama saboriya. Wuraren nan sanannu ne: gira da tsakanin gira, lungun da ke gefen hanci zuwa baki, bayan kunne da cikinsa, gemu ga maza, tsakiyar ƙirji. Yawanci hagu da dama take kamawa tare.

Akwai wani abu da ke rikita mutane a nan, har da ma'aikatan lafiya. Littattafan koyon aikin suna cewa fatar takan yi ja, amma wannan siffar farar fata ce. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Abin da aka fi gani shi ne wurin ya yi haske fiye da sauran fuska, kamar an goge launin, da ɗan ɓarɓashi a kai. Mutane sukan ɗauka ƙyasfi ne, wasu ma hankalinsu ya tashi su yi zaton kuturta. Hasken saboriya yana komawa daidai bayan an yi magani, sai dai yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Na kuturta kuwa alamarsa ita ce wurin ya mutu, a taɓa shi da zaren auduga mutum bai ji ba, kuma ba ya ƙaiƙayi. Wurin da ke damun mutum da susa ba shi ne abin tsoro ta wannan fuskar ba.

Soriyasis ita kuma gidanta daban. Ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba. Garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta riƙa ingiza fata, har tafiyar da ya kamata ta ɗauki wata guda ta koma 'yan kwanaki. Tana bin jini a wasu iyalai, ita ma ba a ɗaukar ta. Da yake gaggawarta ta fi ta amosani nesa ba kusa ba, ɓawonta yakan taru ya hau kan juna. Idan mai duba ki ta shafa yatsa a wurin, za ta ji tudu, fatar ta yi kauri ta ɗago. Kuma tana da iyaka: nan ciwo, nan lafiyayyar fata, har ana iya zagaye wurin da biro. Amosani da saboriya ba su da wannan iyakar, a hankali suke ɓacewa cikin fatar da ke kewaye. Ɓawon soriyasis busasshe ne, fari ko ruwan toka mai ɗan ƙyalli, ya manne sosai, kuma a baƙar fata abin da ke ƙarƙashinsa duhu yake yi, ya fi sauran fatar baƙi ko ya yi kamar shuni-shuni. Idan aka ɓamɓare ɓawon da ƙarfi sai a ga ɗigo-ɗigon jini ƙanana kamar an soka tsinin allura. Na faɗi wannan ne don ki tuna ko kin taɓa ganin haka, ba don a je a gwada ba, domin soriyasis tana da wata ɗabi'a: duk inda aka ji wa fata rauni, ko da susa ko da tsinke, nan take sake fitowa.

Tana kuma son ƙetare layin gashi. Za a gan ta ta fito goshi kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ko ta sauko ƙeya, da bakinta a fili. Sannan a duba wurare biyar da saboriya ba ta cika zuwa ba: bayan gwiwar hannu, gaban gwiwar ƙafa, tsatso, cibiya, da farce. Farcen yana da muhimmanci ƙwarai. Idan akwai ƙananan ramuka a kansa kamar an tsattsaga da allura, ko ya fara rabuwa da naman yatsa daga baki, ko ya yi kauri yana ɓarewa, wannan shaida ce mai ƙarfi ta soriyasis. Idan akwai lalle a farcen, a duba sabon da ya tsiro daga tushe. Haka kuma a tambayi kai: akwai ciwon gaɓoɓi da ke sa jiki ya sandare da asuba fiye da rabin awa, ko wani yatsa da ya kumbura gaba ɗayansa, ko ciwon diddige da ya ƙi tafiya? Wasu masu soriyasis tana taɓa musu gaɓoɓi, kuma wannan kam ba a jinkiri da shi, don yana iya lalata gaɓa.

Idan aka ɗora bayaninki a kan wannan ma'auni, ya fi karkata ga saboriya. Gefen hanci da bayan kunne gidanta ne, hasken da wurin ya yi irin nata ne a fatarmu, kuma tsanantar da take yi da sanyi da bushewar iska ta Disamba zuwa Fabrairu sananniya ce. Sai dai soriyasis ma tana son bayan kunne, ita ma hunturu yana tayar da ita, kuma akwai mutanen da abin nasu yake tsaka-tsaki, har ƙwararren likitan fata sai ya bi su na ɗan lokaci kafin ya yanke hukunci. Don haka kada ki yi watsi da maganar ma'aikacin da ya ambace ta. Idan gwiwoyi da farce da cibiya lafiya lau suke, kuma babu tudu mai iyaka a kai, sai ki fara da maganin saboriya. Shi kansa maganin gwaji ne: idan aka yi shi daidai mako huɗu, saboriya takan lafa ƙwarai, soriyasis kuwa ɗan sassauci kawai za a gani, tudun yana nan.

Kalmar "daidai" ita ce gaba ɗayan zancen, domin wanki biyu ba ya isa a ce magani ya gaza. Shamfun da ya fi dacewa shi ne mai ketokonazol kashi 2 cikin 100. Ki sa mai kyamis ya nuna miki inda aka rubuta sunan maganin da ƙarfinsa a jikin kwalbar, domin shamfu da yawa an rubuta musu maganin amosani alhali ƙamshi ne kawai da kumfa. Ki jiƙa kai da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Idan akwai mai da yawa a kan, ki fara wanke shi da sabulu mai laushi ki ɗauraye, don maganin ya samu isa ga fata. Sannan ki zuba kamar cokalin shayi biyu a tafin hannu, ki riƙa ɗiba da yatsa kina bin tsaga-tsaga kina murzawa a fatar da tafin yatsu, ba da farce ba. Fata ake yi wa magani, gashi ba ruwansa. Ki shafa ɗan kumfar a bayan kunne, gira da gefen hanci, ki kiyaye ido. Daga nan sai ki bar shi minti biyar cif, ki duba agogon waya. A nan mafi yawan mutane suke yin asarar kuɗinsu: su shafa, su ɗauraye nan take kamar sabulu, maganin bai ko fara aiki ba ya bi ruwa. Za ki yi haka sau biyu a mako, misali Litinin da Juma'a, har mako huɗu. Wanki takwas ke nan, kuma kwalba mai mililita 100 za ta kai ki idan ba a yi ɓarna ba.

Ƙaiƙayi ne ke fara raguwa, yawanci cikin mako na farko ko na biyu, ɓawon ya biyo baya, launin fuska shi ne na ƙarshe. Bayan mako huɗu kada ki ajiye kwalbar gaba ɗaya. Ki koma sau ɗaya a mako ko sau ɗaya a mako biyu, ki kuma ƙara yawan wankin da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa. Gara ki san wannan tun yanzu: ƙwayar ba ta ƙarewa daga fata, rage ta ake yi, kuma idan aka daina takan dawo cikin 'yan makonni ko watanni. Dawowarta ba ya nufin maganin jabu ne, ba kuma ya nufin an yi miki wani abu.

Idan ba a samu ketokonazol ba, akwai shamfu mai seleniyam salfaid kashi 2.5 cikin 100, shi ma yana aiki sosai. Yana da ɗan wari, yana iya sauya launin gashin da aka yi wa rini, yana kuma dusashe 'yan kunne da sarƙa, saboda haka a cire su kafin wanki, a kuma ɗauraye da kyau. Ba a sa shi a fatar da susa ta yi wa rauni, zai yi zafi. Shamfu mai zink piritiyon ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin ƙarfi, ya wadatar ga amosani mara tsanani, amma ga abin da ya sauko fuska ya yi kaɗan. Idan kina da juna biyu ki faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin ki zaɓa.

Matsalar da ba a cika faɗa wa mata ba ita ce kitso. An tsara wannan magani ne kamar kowa zai iya wanke kai sau biyu a mako, alhali ƙananan kitso yakan yi mako uku ko wata ba a taɓa shi ba, ga kuɗin makitsiya, ga wahalar ruwa a wasu garuruwan. Shawarata ita ce a wannan watan na magani ki haƙura da ƙananan kitso. Ki yi manya guda huɗu zuwa shida, sakwa-sakwa, waɗanda za ki iya wankewa da su a kai ko ki tsefe ki mayar da kanki. Kitso mai tsauri yana jan fatar da ta riga ta fusata, yana kuma cinye gashin gaban goshi. Bayan kowane wanki, har da wankan tsarki, ki bari kan ya bushe sosai kafin ki ɗaura kallabi ki sa hijabi. Jiƙaƙƙen kai a rufe, ga ɗumi ga gumi, shi ne yanayin da ƙwayar ta fi so. Kallabin auduga ya fi na roba-roba, kuma a riƙa wanke shi a shanya a rana.

Sai man shanu, kuma na san wannan zai yi wuyar karɓa, don da shi aka taso. Idan mace ta ga fari a kanta sai ta ce bushewa ce, ta ƙara mai. Man yana manne ɓarɓashin ya ɓoye shi kwana biyu, sai a ga kamar an samu sauƙi. Amma na faɗa a baya cewa abincin ƙwayar maiƙo ne, kuma man shanu, man zaitun, man gyaɗa da man kaɗanya duk suna ɗauke da irin maiƙon da take iya ci. Wato ana ciyar da abin da ake son kashewa. Ba ina cewa ki bar gashinki ya bushe ya karye ba, musamman da yake shamfun magani yana busar da gashi. Ki shafa man daga tsakiyar silin gashi zuwa bakinsa, ki bar fatar da tsagar ba mai. Idan akwai ɓawon da ya manne yana buƙatar laushi, basilin ya fi, domin ƙwayar ba ta iya cin sa: a shafa kaɗan awa ɗaya ko biyu kafin wanki, a taje a hankali, a wanke. Kankare kai da kibiya ko mataji kafin kitso, wanda makitsa da yawa ke yi da kyakkyawar niyya, yana ƙara fusata fatar, ta ƙara gaggawa, ɓawon ya dawo fiye da da. Haka wanke kai da garin sabulun wanki ko kanwa. Baƙin man inji da fiya-fiya kuwa guba ne, kada su kusanci kan kowa. Rilaksa da baƙin rini a dakata da su har fatar ta warke, kuma idan kin lura ƙaiƙayin yana tashi ne kwana ɗaya zuwa uku bayan rini, da kumburin goshi ko fatar ido, to rinin ne jikinki ba ya so, wannan wata matsala ce daban.

Game da fuskar, ki nemi man shafawa na ketokonazol kashi 2 cikin 100, ko kulotirimazol idan shi ake da shi, ki shafa siriri sau biyu a rana na mako biyu zuwa huɗu. Idan ƙaiƙayin ya yi yawa, ma'aikacin lafiya zai iya ƙara miki haidirokotizon kashi 1 cikin 100 na mako ɗaya, iyaka biyu. Abin da nake roƙon ki guje masa shi ne man nan mai haɗin magani uku da ake sayarwa a kowane kyamis da kasuwar ƙauye, wanda ake ba kowa don kowace irin cutar fata. A cikinsa akwai sitiroyid mai ƙarfi, wato magani mai danne kumburi da ƙaiƙayi, irin su kulobetasol ko betametazon. Zai kwantar da ƙaiƙayin cikin kwana biyu, shi ya sa ake yabon sa. Amma fatar fuska siririya ce. Bayan wasu makonni sai ta ƙara sirancewa, ta yi fari ba daidai ba, ƙuraje su feso, kuma ranar da aka daina sai abin ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko, mutum ya koma ya sake saya. Haka ake shekara ana shafawa.

To idan dubawar ta nuna tudu mai iyaka, ko alama a gwiwa da farce, ko kika cika mako huɗu yadda na faɗa ba canji, sai a nufi asibiti da zaton soriyasis. Maganinta hawa biyu ne, kuma jerin yana da muhimmanci. Da farko a sauke ɓawon, domin duk maganin da aka shafa a kan ɓawo mai kauri a kansa yake tsayawa. Ana yin haka da man da ke da salisilik asid, sau da yawa haɗe da kwaltar magani, a shafa a tsaga-tsaga, a bar shi awa ɗaya ko ya kwana gwargwadon umarnin likita, a taje a hankali a wanke. Kwaltar nan tatacciya ce da aka yi don fata, ba ta kan titi ba. Bayan fatar ta bayyana sai a sa sitiroyid na ruwa wanda aka yi don fatar kai, kamar betametazon, sau ɗaya a rana, yawanci har zuwa mako huɗu, sannan a tsaya a sake dubawa. Fatar kai tana da kauri, tana jure abin da fuska ba za ta jure ba, amma duk da haka da lissafi ake yi. Soriyasis ba ta warkewa ɗungurungum, tana lafawa ta tashi, sai dai ana iya riƙe ta mutum ya yi rayuwarsa ba wanda ya sani.

Gargaɗi ɗaya a kanta da ya fi sauran nauyi: mai soriyasis kada ya yarda a ba shi ƙwayoyin firedinisolon ko allurar dekisametazon, waɗanda su ma sitiroyid ne, don fata. Za ta share kamar an yi ruwa an ɗauke, amma idan maganin ya fita daga jiki tana iya dawowa ta mamaye jiki duka, fata ta yi ja tana saɓulewa ko ta feso da ƙuraje masu ruwa, da zazzaɓi, har sai an kwantar da mutum. Maganin zazzaɓi na kulorokwin da wasu magungunan hawan jini irin su furofaranolol su ma suna iya tayar da ita, saboda haka duk inda za a rubuta wa mutum magani ya ambaci yana da ita. A nan Kano akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya rubuta takardar turawa.

Akwai kuma lokacin da saboriyar kanta take buƙatar a duba bayanta. Idan ta zo farat ɗaya da tsanani, ta bazu fuska da ƙirji da hammata, ta ƙi jin magani, musamman tare da rama, gudawa mai daɗewa ko farin baki, likita zai so a yi gwajin cutar da ke karya garkuwar jiki. Abin da ya shekara biyu yana tafiya yana dawowa da hunturu bai yi kama da wannan ba, amma idan an nemi gwajin kada ki ɗauke shi zargi, ƙa'idar aiki ce.

Yaron kuwa, ki kwantar da hankalinki, ba daga gare ki ya samu ba, amma nasa ya fi naki buƙatar gaggawa. Fatar kan yaro ba ta fara fitar da maiƙo sosai sai ya doshi balaga, saboda haka amosani irin na manya ba kasafai yake kama ɗan shekara bakwai ba. Jarirai a watannin farko sukan yi wani ɓawo mai maiƙo a maɗiga wanda ke tafiya da kansa, daga nan sai a yi shiru har balaga. Farin kai a tsakanin nan, abin da ake fara zato shi ne makero. Ki duba ko akwai wurin da gashin ya kakkarye ko ya zube ya bar fili zagayayye mai toka-toka, ko ɗigo-ɗigon baƙi inda gashi ya karye daidai fata, ki kuma shafa bayan wuyansa da bayan kunne ko za ki ji kaluluwa. Wani lokaci makero ba ya yin zagayen ma, ɓarɓashi kawai yake yi ko'ina kamar amosani, shi ya sa shekarun yaron suka fi siffar ciwon muhimmanci.

Makero, saɓanin ukun da muka yi magana a kansu, ana ɗaukar sa: ta askar wanzami da kilifar mai aski, ta hula, mataji, matashin kai da tabarmar da yara ke kwana tare a gida ko a makarantar allo. Kuma ƙwayarsa tana shiga cikin silin gashi har tushe, inda man shafawa da shamfu ba sa kaiwa. Dole sai maganin sha. Wanda aka fi bayarwa shi ne girisiyofulbin, kullum, na mako shida zuwa takwas, kuma da nauyin yaro ake auna shi, don haka a kai shi asibiti a ɗora shi a sikeli, kada a saya da ka. A riƙa ba shi bayan abinci mai maiƙo, ko da madara ko ƙuli-ƙuli, domin da maiƙo jiki ke tsotse shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daina a mako na biyu ko na uku da an ga gashi ya fara tsirowa, sai ciwon ya dawo. Shamfun ketokonazol ɗin naki zai yi amfani a nan a matsayin ƙari: a wanke masa kai da shi sau biyu a mako a makonnin farko don rage yaɗuwa, a duba kan sauran yaran gidan, a wanke huluna da rigunan matashi da ruwan zafi, a ware masa matajinsa, a kuma saya masa sabuwar reza duk ranar aski. Mace mai juna biyu ba ta shan girisiyofulbin. Idan kuma kika ga wurin a kan yaron ya kumbura ya yi taushi yana fitar da ruwa ko mugunya, kada a bari a tsaga shi a matsayin maruru. Makeron ne ya tsananta, kuma a kai shi asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, domin jinkiri a nan yana barin tabon da gashi ba ya sake tsirowa a kai.